Kada a Yage Shafukan Amsa, a Gyara Yadda Ake Buɗe Su

A taronmu na reshe da ya gabata, wani ɗan'uwa malami, wanda ya girme ni a aiki kuma nake ganin girmansa, ya miƙe ya kawo shawara cewa duk kundin tsofaffin tambayoyin jarrabawa da ɗalibi zai shigo da shi makaranta, a karɓa a yage shafukan amsa da ke bayansa kafin a mayar masa. Hujjarsa ita ce yara sun daina tunani, sai kwafa. Ka ba su aikin gida da yamma, da safe su kawo maka amsa iri ɗaya sak, tamkar an buga da hatimi. Aka yi ta tafi. Ni ban tafa ba, kuma da yake lokaci ya ƙure ban sami damar yin magana ba, shi ya sa na nemi wannan fili.

Ban musa cewa yara suna kwafa ba. Shekaru da dama ina koyar da lissafi a ajin ƙarshe na babbar sakandare, na kuma ga kwafa kala-kala, har da wadda yaro yake kwafo kuskuren maɗaba'a ya kawo mini shi cikin kyakkyawan rubutu. Abin da nake musu shi ne maganin. Yage shafin amsa gyaran gangar Auzinawa ne. Na farko dai ba zai hana komai ba, domin amsar da aka yage a makaranta tana nan a littafin ɗan maƙwabta, tana nan a wayar yayansa. Na biyu, kuma shi ne ya fi damuna, yaron da za a cuta shi ne mai gaskiya, wanda yake zama bayan isha'i da fitila yana fama da tambaya shi kaɗai, gidansu babu wanda ya yi boko balle ya duba masa, aljihun mahaifinsa kuma ba ya ɗaukar kuɗin darasin yamma. Wannan yaro ba shi da wani malami da dare sai shafin nan da muke shirin yagewa. Mu kuwa, mu faɗi gaskiya, wanda yake da ɗalibai tamanin ko ɗari a aji ɗaya, kuma azuzuwa uku ko huɗu, yaushe zai duba wa kowane yaro tambaya goma kowace rana?

Akwai kuma abin da ba a ambata ba a wajen taron, alhali kowa ya san da shi. Laifin babba rowa, laifin yaro ƙiwuya. Idan zangon karatu na biyu ya raba tsakiya, jarrabawar WAEC da ta NECO suka ƙarato, me yawancinmu muke yi da sunan bita? Malami ya shigo da kundin nan a hannu, ya karanta tambaya, ya ce amsa ita ce C, yara su zagaye C, a wuce ta gaba. A minti arba'in a lashe tambaya hamsin, kowa ya fita yana jin an yi aiki. Mai ƙoƙari a cikinmu shi ne wanda zai juya baya ya kwafe warwarar littafin a kan allo layi-layi, yara su kwafe daga allo zuwa littafinsu. To, mene ne bambancin wannan da abin da muke zargin yaro da yi a gida? Bambancin kawai shi ne an ratsa ta hannun malami da alli. Mu muka nuna musu cewa bita ita ce kwashe amsa daga wata takarda zuwa wata, sannan muka dawo muna salati don sun iya darasin.

Bari in kawo misali guda, in bi shi daki-daki, domin magana a sama ba ta kashe gardama. Tambayar ni na tsara ta a kan salon waɗanda hukumomin jarrabawa suka saba yi a babin riba da faɗuwa. Wani ɗan kasuwa ya sayar da buhun hatsi a kan naira 27,000, sai ya faɗi da kashi 10 cikin ɗari. Nawa ya kamata ya sayar da shi domin ya ci ribar kashi 15 cikin ɗari? Zaɓi huɗu: A 31,050, B 33,750, C 34,155, D 34,500. Bayan littafi zai ce maka D. In littafin mai kirki ne zai ƙara layi biyu:

27,000 × 100/90 = 30,000
30,000 × 115/100 = 34,500

Yaron da ya fara da buɗe baya zai karanta waɗannan layuka biyu, ya gyaɗa kai, ya ce ai wannan mai sauƙi ce. Ba ƙarya yake yi ba, har ransa haka yake ji. Duk abin da aka warware aka ajiye a gaban mutum yakan zo masa da sauƙi, kamar yadda fasinja yake ganin ya san hanya muddin direba ne yake tuƙi. Wannan jin na «na gane» shi ne babbar cutar, ya ma fi kwafar kanta illa, domin mai kwafa da gangan ya san bai iya ba, shi kuwa wannan ya tashi da yaƙinin ya iya. Gani ba ci ba ne.

Wata ɗalibata, yarinya mai hankali da natsuwa, na ba ta wannan tambaya na karɓe littafin na ajiye a kan teburina. Ta yi minti uku ta zaɓi C. Ga yadda ta yi: ta ce tunda ya faɗi da kashi 10, sai a mayar masa da kashi 10 ɗin, ta lissafa kashi 10 na 27,000 ta sami 2,700, ta haɗa ya zama 29,700, ta ɗauka wannan ita ce uwar kuɗi. Sannan ta ɗora kashi 15 a kai ta sami 34,155. Da ta duba zaɓin ta ga lambar tana nan zaune a C, sai ta yi murmushi. A nan ne ya kamata kowane malami da kowane uba ya tsaya ya lura: masu tsara irin waɗannan tambayoyi ba da ka suke zuba amsoshin bogi ba. Kowace ɗaya a cikinsu mazaunin wani sanannen kuskure ce. Wanda ya ɗora kashi 15 kai tsaye a kan 27,000 zai tarar da A tana jiransa. Wanda ya haɗa 10 da 15 ya ce kashi 25 ne, ya ɗora a kan 27,000, zai sauka a B. Wanda ya yi irin na ɗalibata, C. Saboda haka ganin lambarka a cikin zaɓi ba shaida ba ce ta cewa ka yi daidai. Wataƙila ramin da aka haƙa dominka ne ka faɗa.

Sai na miƙa mata littafin na ce ta duba. Ta ga D. Abin da ta fara yi shi ne abin da kowane yaro yake yi: ta ɗauki biro za ta soke C ta zagaye D. Na riƙe biron. Na ce, «Ba amsar za ki gyara ba. Ajiye aikinki kusa da nasu, ki bi layi-layi, ki nuna mini wurin farko da hanyarki ta rabu da tasu.» Ta duba, ta ce, «Malam, tun layin farko ne. Su sun sami 30,000, ni na sami 29,700.» Na ce, «To, ɗayanku ya yi kuskure, kuma ban ce lalle ke ce ba. Yaya za ki gane?» Ta yi shiru. Na ce ta gwada kowace lamba da labarin tambayar. Idan uwar kuɗi 29,700 ce, aka faɗi da kashi 10, nawa aka sayar? Ta cire 2,970 ta sami 26,730. Tambaya kuwa ta ce 27,000. Ta gwada 30,000, ta cire 3,000, sai ga 27,000 cif. Ta ɗago kai ta ce, «Ashe kashi goman na kuɗin da ya saya ne, ba na kuɗin da ya sayar ba.»

Wannan jimla guda da ta fito daga bakinta, da Hausa, ita ce darasin gaba ɗaya. Babu ita a shafin amsa. Shafin lamba kawai ya ba da. Amma ba don shafin ba da ba ta san akwai saɓani ba, da ta kwana da C tana murna, ta shiga ɗakin jarrabawa da ita. Ga amsar da zan bai wa ɗan'uwana mai shawarar yagewa: yaron da yake yin tambaya hamsin ba tare da abin da zai auna aikinsa ba, kuskurensa yake haddacewa, sau hamsin.

Na sa ta rubuta wannan jimla tata a gefen aikin da jan biro, ba tare da ta goge aikin farko ba. Ina ƙin gogewa ƙwarai a littafin bita, domin kuskuren da aka goge ba ya koyar da kowa. Sannan na sake karɓe littafin, na ba ta farar takarda, ta yi tambayar daga farko. Ta samu. Amma ban yarda da wannan samu ba, ita ma na gaya mata kada ta yarda, domin minti biyar da suka wuce ta ga 100/90 da idonta, yana nan yana yawo a kanta. Bayan kwana uku na tare ta da wata: an sayar a kan 18,400, an faɗi da kashi 8, nawa za a sayar a ci ribar kashi 12? A irin wannan ne ake rarrabe wanda ya gane da wanda ya haddace siffa. Mai haddar siffa zai rubuta 100/90 domin abin da ya gani ke nan, bai taɓa tambayar daga ina 90 ta fito ba. Ita kuwa ta rubuta 92, ta sami uwar kuɗi 20,000, ta ƙare da 22,400. Mako guda bayan nan na juya tambayar: an sayar a kan 36,000 an ci ribar kashi 20, nawa za a sayar a faɗi da kashi 5? Ta ɗan yi jim, ta fara rubuta 80, ta soke da kanta, ta rubuta 120, ta sami 30,000, ta ƙare da 28,500. Sokewar nan da ta yi da hannunta ta fi faranta mini rai a kan amsar.

Wani zai ce, Malam, tambaya ɗaya ka yi wa hidimar mako biyu, alhali kundin yana ɗauke da na shekara ashirin ko fiye? Eh, haka na yi, kuma ban yi nadama ba. Hukumar jarrabawa ba tambaya take maimaitawa ba, dabara take maimaitawa, ta canza lamba, ta canza buhun hatsi ya koma keke. Wanda ya fahimci cewa riba da faɗuwa a kan uwar kuɗi ake auna su, ya gama da dukkan dangin wannan tambaya, har da 'yan'uwanta na ragin farashi da ƙarin albashi. Wanda ya zagaye D sau ɗari biyar kuwa, ya san harafin D ne kawai. Kuma ba kowace tambaya ce take bukatar wannan hidima ba. Wadda yaro ya samu daidai, kuma zai iya faɗin dalili, a wuce ta. Sai dai a kula da wadda aka samu da canki-canka: a cikin zaɓi huɗu, ko makaho ya jefa zai dace da ɗaya cikin huɗu. Shi ya sa nake sa ɗalibaina su ɗiga alama a gefen duk tambayar da suka amsa cikin shakka tun kafin su buɗe baya, kuma ko ta zo daidai, a lissafa ta cikin waɗanda za a koma wa.

Wannan ba ra'ayina kaɗai ba ne. A shekarar 2006 wasu masana halayyar ɗan'adam biyu a Amurka, Henry Roediger da Jeffrey Karpicke, sun buga sakamakon wani gwaji da suka yi da ɗaliban jami'a. An ba su gajerun nassoshi su karanta. Wasu aka sa su sake karantawa, wasu kuma aka karɓe takardar aka sa su rubuto abin da suka tuna. Da aka gwada su bayan minti biyar, masu maimaita karatu ne a gaba. Da aka gwada bayan kwana biyu, da kuma bayan mako guda, sai reshe ya juye da mujiya, waɗanda suka wahala wajen tunowa da ka suka yi musu fintinkau. Mu a nan ba ma bukatar a tsallaka teku a gaya mana wannan. Wane alaramma ne yake yarda almajiri ya iya allonsa don ya karanta yana kallo? Sai ya kife allon ya biya da ka, sannan a ce ya wanke, kuma gobe da jibi a dawo masa da na baya a tilawa. Abin mamaki, yaron da ya san wannan ƙa'ida sarai a makarantar allo, da ya sa kayan makarantar boko sai mu koya masa akasinta.

Yanzu in juya ga masu goyon bayana da suka wuce gona da iri, waɗanda suke cewa haramun ne yaro ya kalli amsa kafin ya gwada. Wannan ma yana da iyaka. Idan babi ne da ba a taɓa koya wa yaro ba, ko an koyar ranar da ba ya nan, ko, mu daina ɓoye-ɓoye, makarantar ta shekara babu malamin darasin, to zaunar da shi gaban tambaya ya yi ta zufa rabin awa ba tarbiyya ba ce, azaba ce, kuma ƙarshenta ya tsani darasin. John Sweller na ƙasar Ostireliya da abokin aikinsa Graham Cooper sun nuna tun 1985, a darasin aljabara, cewa sabon shiga ya fi amfana da nazarin misalan da aka riga aka warware a kan a jefa shi cikin tambayoyi kai tsaye. Irin wannan yaro ya fara da warwarar littafin, babu laifi, amma da sharaɗi: a kowane layi ya tambayi kansa daga ina wannan lamba ta fito, kuma da ya gama ya rufe ya yi wata mai kama da ita. Wanda kuma ya san babin amma ya maƙale a tsakiya, ba sai ya buɗe duka ba. Ya sa takarda ya rufe warwarar, ya zame ta ƙasa kaɗan har layi ɗaya ya bayyana, ya rufe, ya ci gaba da kansa. Tambayar da aka leƙa mata ko da layi ɗaya ne, ba a sa ta cikin waɗanda aka iya. Bashi ce, za a dawo a biya bayan kwana uku.

Akwai wani dalili na maki tsagwaronsa, ga wanda ba ya jin maganar ilimi sai ta sakamako. Lissafin WAEC na gama-gari takarda biyu ne. Ta farko tambayoyin zaɓi hamsin cikin awa ɗaya da rabi, wato ƙasa da minti biyu ga kowace. Ta biyu kuwa tambaya goma ake amsawa cikin goma sha uku, a awa biyu da rabi, kuma a nan dole a nuna aiki. Duk wanda ya taɓa zuwa makin takardun jarrabawa a cikinmu ya san alamomin da ke cikin jadawalin maki: M1 makin hanya ne, A1 makin dacewar amsa ne, kuma ba a ba da na amsa sai hanyar da ta haife shi ta inganta. A tambayarmu ta buhun hatsi, da a takarda ta biyu ta fito, yaron da ya rubuta 34,500 tsurarta babu aiki zai tashi kusan hannu rabbana, alhali wanda ya shimfiɗa hanya daidai ya yi tuntuɓe a ninkawar ƙarshe zai kwashi makin hanyarsa. Yawancin kundayen kasuwa ba sa nuna wannan rabo, kuma sukan haɗiye layi biyu ko uku don tsimin takarda. Yaron da ya kwaikwayi gajartarsu zai tsallake daidai layin da maki yake kai. Wannan gurbi mu ne za mu cike shi, domin mu muka san jadawalin. Haka kuma hukumar tana fitar da rahoton manyan masu maki bayan kowace jarrabawa, inda ake bayyana wuraren da ɗalibai suka fi faɗuwa tambaya bayan tambaya. Malamai nawa ne a reshen nan suka karanta na darasinsu a bana?

A Turanci ma haka abin yake, ko ya fi muni. Yaro ya haddace wasiƙar da aka buga a bayan littafi a matsayin samfuri, ya shiga jarrabawa ya tarar an tambayi wani abu dabam, ya juye haddarsa duk da haka. Zanen aro ba ya rufe katara. A sashen taƙaitawa kuwa, ɗebo jimlolin nassi yadda suke ba tare da tunani ba ba ya kawo maki, ga shi kuwa hannun da ya saba kwafa ba abin da ya iya sai wannan. Amfanin samfurin shi ne bayan yaro ya rubuta tasa, ya ajiye su gefe da gefe ya ga wane batu suka taɓo da shi ya manta.

Kada kuma a ɗauki bayan littafi tamkar saukakken nassi. Hukumomin jarrabawa ne suke tsara tambayoyi, amma amsoshin da ke cikin yawancin kundayen da ake sayarwa a kasuwa aikin masu buga littafin ne, mutane ne kamarmu, wani lokaci cikin gaggawa. Na sha tarar da harafin da aka ba da bai dace da warwarar da ke ƙarƙashinsa ba, na sha ganin alamar ragi ta ɓace a wajen bugu ta juya amsa gaba ɗaya. Yaron da aka saba masa da kwafa ba shi da garkuwa daga wannan, zai haɗiye kuskuren ya yi hamdala. Wanda aka koya masa abin da na koya wa ɗalibata, wato mayar da amsa cikin labarin tambaya a ga ko ta zauna, shi yake iya zuwa ya ce, Malam, ina jin littafin nan ya yi kuskure a lamba kaza. Ranar da ɗalibi ya zo mini da irin wannan magana, ko da shi ne bai yi daidai ba, nakan ajiye abin da nake yi in saurare shi.

Iyaye, musamman iyaye mata da kuke tare da yaran nan da dare, kada wata ta ce ni ban yi boko ba, ba ruwana. Ba sai kin iya lissafi za ki gane mai kwafa ba. Karɓi littafin bitarsa ki duba. In kika ga shafi bayan shafi tas, babu soke-soke, babu lissafin gefe, babu jan biro, kowace tambaya ta zo daidai tun bugun farko, to ki yi shakka. Wanda yake koyo da gaske littafinsa kamar gonar da ake nomawa yake, ba kamar tsakar gidan amarya ba. Ki lura da yatsansa: in ya saƙala shi a ƙarshen littafi yana juyawa gaba da baya, kin gane. Abin da za ki yi mai sauƙi ne. A cire shafukan amsa, ko a naɗe su da roba, su zauna a hannunki. Ya yi tambaya goma a minti ashirin kina kallon agogo, sannan ki miƙa masa ya duba da biro mai wani launi. Daga nan ki zaɓi ɗaya cikin waɗanda ya faɗi ki ce ya bayyana miki da Hausa me ya ɓata. In ya ce «kuskure ne kawai», bai gano ba tukuna, ya koma. In ya ce miki kashi goman na kuɗin saye ne ba na sayarwa ba, za ki gane, domin kin fi shi sanin uwar kuɗi da riba. Kun ga ke nan ni ma ban ƙi a raba littafi da amsarsa ba. Abin da na ƙi shi ne a raba yaro da ita har abada. A jinkirta masa ita minti ashirin, ba a jefa ta a kwandon shara ba.

Ina sane da ƙorafin da za a yi mini a ɗakin malamai: manhaja ba ta ƙare ba, lokaci ya tafi, shugaban makaranta yana son a ce an bi tambayoyin shekara goma. Ina kuma sane da cewa idan sakamako ya fito da muni, ba mai buga littafi za a zaga a rediyo ba, mu za a zaga, kuma da wannan sakamako za a yi mana gori ranar da muka je neman haƙƙinmu na ƙarin girma da alawus. Saboda haka maganar ta shafi ƙungiya kai tsaye. Darasi na minti arba'in yana ɗaukar wannan tsari ba tare da ƙarin ko sisi ba: tambaya takwas a allo, littattafai a rufe, minti goma sha biyar, a yi musayar takardu a duba cikin minti biyar, sauran lokacin a tambayi su wa suka zaɓi A, su wa suka zaɓi B, a sa ɗaya daga kowane rukuni ya faɗi yadda ya yi, ba don a kunyata shi ba, sai don ajin ya ga ramin. Biyu daga cikin tambayoyin mako mai zuwa su zama na yau ne aka canza musu lamba. Malami bai ɗauki littafi ko ɗaya zuwa gida ba, amma ya san abin da ajinsa bai iya ba fiye da wanda ya kwana yana sa hannu a kan amsoshin da aka kwafo.

Ina roƙon shugabannin reshe da su jingine shawarar yagewa, su ware rabin awa a taro mai zuwa. Zan zo da tambayar buhun hatsi da wasu bakwai, da fararen takardu. Malaman lissafi su zauna gefe su yi mana alƙalanci, sauranmu da sauranku kuma, na Hausa da na tarihi da na addini, kowa ya gwada kafin a buɗe baya.